Naira 600 a Rana ko 23,500 a Wata: Yadda Ake Auna Bashin Waya da Mudu Ɗaya

Duk wanda ya shiga kasuwar waya ta Farm Centre a Kano a 'yan shekarun nan ya san an sami sabon ciniki. Da, kuɗi hannu ne, ka biya ka ɗauka. Yanzu kuwa a shaguna da dama za ka tarar da wakilin kamfani zaune a gefen kanta, yana jiran wanda kuɗinsa bai cika ba. Ka ajiye kafin alƙalami, a ɗauki hotonka da lambar BVN ko NIN, ka tafi da waya, sauran ka riƙa biya kaɗan-kaɗan. Easybuy na cikin sunayen da aka fi ji a wannan harka. Akwai kuma M-KOPA, wanda aka kafa a Kenya a 2011, ya fara da fitilun sola kafin ya shigo harkar waya, kuma an san shi da tsarin biyan kullum. Da cinikin ya bunƙasa, sai masu shafuka a Instagram da Facebook suka shiga haɗa jerin hotuna, irin waɗanda ake ja da yatsa ɗaya bayan ɗaya, suna kwatanta wannan tsari da wancan. Mutane na karantawa, suna kuma cin bashi bisa abin da suka gani. Abin da ya sa na damu da yadda ake haɗa su ke nan.

Wani ƙanina mai kai saƙo a babur ya taɓa turo min irin wannan jeri, yana murna ya sami araha. A hoto na biyu an rubuta 600 da manyan lambobi kore, a na uku an rubuta 23,500 da ja. Babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Amma ɗaya kuɗin rana ne, ɗaya kuɗin wata, kuma babu inda aka faɗi sau nawa za a biya kowanne. An auna masa gero da mudu, an auna dawa da tiya, aka ce ya zaɓi mai sauƙi.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe. Lambobin da ke tafe, har da waɗanda na sa a labarin ƙanina, na tsara su ne don lissafi, ba farashin wani kamfani ba ne, shi ya sa zan kira su Tsarin A da Tsarin B. Waya ɗaya ce, kuɗinta lakadan a kasuwa Naira 150,000. A Tsarin A za ka ajiye 45,000, ka biya 3,000 kuɗin rajista, sannan 23,500 duk wata har wata shida. A Tsarin B za ka ajiye 20,000, sannan 600 kullum har kwana 365.

Kafin a taɓa lissafi akwai abin da ya wajaba a tabbatar: wayar nan da gaske ɗaya ce? Tecno da Infinix da Samsung duk sukan fitar da waya mai suna ɗaya amma ma'ajiya daban, wata 128GB wata 256GB, kuma tsakaninsu akwai tazarar kuɗi. Idan Tsarin A yana ba da ƙaramar, B yana ba da babbar, duk abin da ka gina a kai ya rushe tun daga tushe. Haka ma farashin lakadan. Kada ka karɓi wanda mai ba da bashin ya faɗa maka, domin wani yakan ɗaga shi don ƙarin da ya ɗora ya yi kamar kaɗan ne. Zaga shaguna biyu ko uku ka tambaya, ka rubuta ranar da ka tambaya a kan hoton. Farashin waya a Najeriya yana bin dala, abin da yake daidai a wannan wata ba lalle ya kai wata mai zuwa ba, hoton kuwa zai ci gaba da yawo.

Sai maganar ma'auni, kuma a nan ne adalci yake tsayawa ko ya faɗi. Ka rubuta ma'aunanka kafin ka duba wa zai yi nasara. Dalili shi ne, wanda ya riga ya ga sakamako zuciyarsa za ta ja shi, ko bai yi niyya ba, ya zaɓi tambayoyin da gwaninsa ke cinyewa. Mai son B zai tambayi nawa ake ajiyewa da nawa ake biya a rana, ya tsaya nan. Mai son A zai tambayi jimillar kuɗi kawai. Dukkansu gaskiya suka faɗa, dukkansu sun karkatar da mai karatu. Hanyar da na fi amincewa da ita ita ce a ɗauko tambayoyin daga bakin mai saye: nawa zan fitar yau, nawa zan riƙa fitarwa, nawa zan biya gaba ɗaya, nawa ne kuɗin jiran da aka yi min, me zai faru ranar da na kasa biya. Biyar sun isa. Ka jera su a hoto na biyu, kafin kowace lamba, domin mai karatu ya ga mudun kafin a fara awo.

Tambayar farko mai sauƙi ce, amma ana yawan yin kuskure a cikinta. Abin da zai fita daga aljihu ranar karɓar waya a Tsarin A ba 45,000 ba ne, 48,000 ne, tunda kuɗin rajista ma a ranar ake biya. A B, 20,000 ne. B ya fi sauƙin shiga da 28,000, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda wayarsa ta faɗa ruwa jiya, aikinsa kuma ya tsaya.

Ta biyu ita ce inda aka yaudari ƙanina. A mai da su awo ɗaya. Naira 600 sau 30 ya ba da 18,000 a wata, a gefen 23,500 na A. Ko a juya: 23,500 a raba 30, kimanin 783 a rana, a gefen 600. Har yanzu B ya fi sauƙi, amma tazarar ta koma 5,500 a wata, ba irin ramin da ido ke gani tsakanin 600 da 23,500 ba. Kuma dole a rubuta tsawon lokacin a jikin lambar, a layi ɗaya: wata 6, wata 12. Idan kana son mai karatu ya ji nauyin a jikinsa, ka tuna masa mafi ƙarancin albashi na ƙasa da aka tsayar a 2024 Naira 70,000 ne. A zai ci kusan kashi ɗaya cikin uku na wannan albashi, B kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu, sai dai B zai ci gaba da ci wata shida bayan A ya gama.

Ta uku: jimilla. Tsarin A, 45,000 da 3,000 da 141,000 na watanni shida, ya kama 189,000. Tsarin B, 20,000 da 219,000 na kwana 365, ya kama 239,000. A kan farashin lakadan, A ya ɗora 39,000, B ya ɗora 89,000. Tsakaninsu 50,000, wato kashi ɗaya cikin uku na kuɗin wayar kanta. Wannan hoto ne ya kamata ya fi kowanne fitowa fili, kuma farashin lakadan ya zauna a samansa don ido ya sami abin jingina.

Yawancin masu kwatanci na kirki a nan suke tsayawa, su ce A ya yi nasara, B cuta ce. Ni ban yarda a tsaya nan ba, domin an sake barin wani abu a baya. Mai Tsarin A bashin 105,000 ya ci, na wata shida. Mai Tsarin B bashin 130,000 ya ci, na shekara. Wanda ya hau mota daga Kano zuwa Abuja dole ya biya fiye da wanda ya sauka a Kaduna, wannan kuma bai nuna an tsawwala masa ba. Don a amsa tambaya ta huɗu, a gane wane ne ya fi tsadar jira, sai a raba ƙarin da bashin, sannan a raba da watanni. A Tsarin A, 39,000 a kan 105,000 cikin wata shida ya zama kimanin Naira 62 a kan kowace 1,000 duk wata. A Tsarin B, 89,000 a kan 130,000 cikin wata goma sha biyu ya zama kimanin Naira 57. Ka ga abin ya juya: B ya ɗan fi A sauƙi a wannan ma'auni.

Wannan lissafi na kan yatsu ne, kuma yana rage wa tsadar nauyi. Yana ɗauka cewa kana riƙe da dukkan bashin har ranar ƙarshe, alhali kullum kana rage shi. Mai son ainihin lambar zai iya samunta a Excel ko Google Sheets:

```
=RATE(6,-23500,102000)
=RATE(365,-600,130000,0,0,0.003)*30
```

Layin farko na A ne, an sa 102,000 saboda an cire kuɗin rajista daga abin da aka ranta maka. Zai ba da kusan kashi 10 cikin ɗari a wata. Na biyu na B ne, zai ba da kimanin kashi 9 da rabi. Ma'ana, tsarin biyu kusan farashi ɗaya suke sayar da lokaci. Waccan tazara ta 50,000 ta fito ne daga cewa mai B ya ranci kuɗi mafi yawa, ya kuma daɗe ninki biyu yana riƙe da su. Jerin hotunan da ya nuna jimilla ya ɓoye wannan ya zalunci B. Wanda ya nuna wannan ya ɓoye jimilla ya zalunci mai saye, tunda a ƙarshe 50,000 ɗin daga aljihunsa za ta fita. Dole a nuna su duka, kuma a hotuna biyu maƙwabta.

Akwai wani abu da lissafin nan yake tonowa wanda ba na son a wuce shi. Mutumin da yake da 48,000 a hannu, kuma yake iya ware 23,500 duk wata, saura 102,000 ne tsakaninsa da sayen wayar lakadan. A wata biyar ya haɗa su har da canji, ko a asusu ko a adashi. To 39,000 ɗin da zai ƙara, kuɗin gudun jiran wata biyar ne. Ga mai POS ko mai kai saƙo, wanda wayar ce gonarsa, jiran wata biyar zai iya cin fiye da haka. Ga mai son canza waya don sha'awa, ba haka ba ne. Kwatancin abu biyu yana da wannan rauni, yakan sa mutum ya manta akwai ƙofa ta uku. Layi ɗaya a ƙasan hoton jimilla ya isa ya tuna masa.

Yanzu tambaya ta biyar, wadda a ganina ta fi sauran muhimmanci, kuma ita ce talla ba ta so a yi. Wayoyin da ake bayarwa bashi galibi suna ɗauke da manhajar da ke kulle su daga nesa idan biya ya tsaya. Don haka rubuta "ana kulle waya" a ƙarƙashin A da B duka ba ya gaya wa kowa komai. Abin da ke aiki shi ne ka ɗauki matsala ɗaya ka jefa tsarin biyu a ciki. A ce mai wayar ya kwanta zazzaɓi kwana goma, babu shigar ko sisi. A misalinmu, mu ce A yana ɗaga ƙafa kwana uku, sannan ya kulle waya ya ɗora tarar 2,000. B kuma yana kullewa a daren da ba a biya ba, babu tara, sai dai ranar gamawa ta matsa gaba. Idan ciwon ya faɗo a kan ranar biyan A, mutum zai yi kwana bakwai ba waya, kuma sai ya haɗa 25,500 a dunƙule kafin ta buɗe. A B zai yi kwana goman duka a kulle, amma da Naira 600 ya dawo aiki. Idan kuwa ciwon ya faɗo a tsakiyar wata, mai A ko a jikinsa, mai B kuwa a kulle yake.

Ka ga a nan babu gwani sai an san wane ne mai sayen. Ma'aikacin da albashinsa ke shigowa ƙarshen wata, biyan kullum zai zame masa ƙarfen ƙafa. Ɗan acaɓa ko mai shayi da kuɗinsa ke shigowa kullum, tara 23,500 ba tare da wata lalura ta cinye su ba shi ne wahalar. Kuma a tsari na gaske sai an tambaya a fili, shin bayan kullewa kuɗin kwana ɗaya ke buɗe waya, ko sai an biya duk kwanakin da aka tsallake? Amsar tana canza komai. A nemi amsar a rubuce cikin takardar yarjejeniya. Bakin wakilin da ake biya la'ada a kan kowace waya da ya fitar ba shi ne hujja ba, kuma ba a cinikin biri a sama.

A wannan hoton ne kuma ya dace a saka abubuwan da ke biye da rashin biya: ko ana buƙatar wanda zai tsaya maka, ko za a kira shi, ko manhajar tana neman izinin ganin lambobin da ke wayarka. Wannan ba tsoro ba ne na banza. Korafe-korafen da aka yi ta yi kan manhajojin bashi masu tura wa dangi da abokai saƙon tozarci suna cikin abin da ya sa hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta fito da ƙa'idar rajistar masu ba da bashi ta intanet a 2022. Idan wani ɓangare ya ƙi ba ka amsa, kada ka bar gurbin fayau, kada kuma ka cike da zato. Rubuta cewa an tambaya ranar kaza, ba a bayar da amsa ba.

Masu karatu da yawa a wurinmu za su yi tambayar da lissafi ba ya amsawa: halal ne? Jumhurun malamai sun halatta sayar da kaya a kan biya kaɗan-kaɗan da farashin da ya ɗara na lakadan, muddin an yanke farashi ɗaya tun wajen ƙulla ciniki. Abin da suka hana shi ne ƙara kuɗi a kan bashi saboda an makara. Mai haɗa kwatanci ba mufti ba ne, kada ya buga wa tsari tambarin halal ko haram. Amma zai iya kawo abubuwan da malamin da za a tambaya zai buƙata: kamfanin ne ya mallaki wayar ya sayar maka, ko kuɗi ya ranta maka ka biya shago? An tsayar da jimilla tun farko? Akwai tarar jinkiri? Waɗannan ukun amsarsu tana cikin takarda, kuma kawo su hidima ce ga mai karatu.

Saura yadda za a zuba duk wannan a hotuna. Instagram yana karɓar har hotuna 20 a jeri ɗaya tun 2024, amma takwas sun wadatar da wannan aiki. Abin da ya kamata mai haɗawa ya riƙe a zuciya shi ne, hotunan nan ba sa tafiya tare. Wani zai ɗauki hoto na huɗu kaɗai ya sa a sitatus ɗin WhatsApp, daga nan ya shiga zaurukan dangi, babu na gabansa babu na bayansa. Saboda haka kada a ba A hoto guda, B hoto guda. Kowane hoto ya ɗauki ma'auni ɗaya, A da B kafaɗa da kafaɗa, da sunan wayar da ranar farashi a ƙasa. Hoton jimilla, alal misali, zai iya zama haka: a sama, "Nawa za ka biya gaba ɗaya? Lakadan: 150,000". A hagu, "A: 189,000, wata 6, ƙari 39,000". A dama, "B: 239,000, wata 12, ƙari 89,000". Ko shi kaɗai aka gani, bai yi wa kowa ƙarya ba.

Son kai yakan ɓuya a kwalliya fiye da a lambobi. Kore da ja sun riga sun yanke hukunci kafin a karanta, don haka a zaɓi launuka biyu da ba sa nufin kyau ko muni, kamar shuɗi da ruwan ƙasa. Girman rubutu ya zama ɗaya. A ya zauna a hagu daga farko har ƙarshe, kada a riƙa sauya musu wuri. Idan za a zana sanduna don nuna jimilla, su faro daga sifili. Wanda ya faro su daga 150,000 zai sa sandar B ta ninka ta A fiye da sau biyu, alhali B ya ɗara A da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai. Kalmomi ma haka: idan ka rubuta "kacal" a gefen 600, ka rubuta "har" a gefen 23,500, ka riga ka zaɓar wa mutum. In kuma ɗaya daga cikin kamfanonin ya biya ka, ko kana cin la'ada idan an saya ta hannunka, ka faɗa a hoton farko, ba a can ƙasan rubutu inda sai an danna kafin a gani ba.

Da muka zauna da ƙanina muka sake lissafin a bayan takardar rasit, ya daɗe yana kallon 239,000 ɗin nan. Sai ya ce, "Yaya, ni dai ba ni da 48,000 yau, kuma ban taɓa iya riƙe dubu ashirin har wata ya ƙare ba." Tsarin biyan kullum ya ɗauka, wanda ya fi tsada, amma a wannan karon ya san nawa zai biya, ya san kuma abin da ya sa. Hoto na ƙarshe a jerin haka ya kamata ya yi magana: in kana da 48,000 yau kuma kuɗinka na zuwa a dunƙule, A zai rage maka 50,000, in abin hannunka bai wuce 20,000 ba kuma kullum kake samu, B ne zai buɗe maka ƙofa, a kan wannan ƙarin. Kafin ka wallafa, ka kai jerin wurin wakilin A da wakilin B, kowa daban, ka tambaye shi ko akwai lambar da ba daidai ba a ɓangarensa, ko wani sharaɗi da ka tsallake. Abin da ya gyara maka da takarda a hannu ka gyara, abin da ya ce kawai bai ji daɗinsa ba ka bar shi yadda yake.